Kundin aiki: bin sawun abin da mutane ke rubutawa kafin su danna tallanmu

Litinin, 3 ga Maris 2025

Yau aka ba ni izinin shiga asusun Google Ads na wani kamfani mai sayar da kujerun ofis ta intanet. Sababbin kujeru kawai suke sayarwa. Ba sa gyara, ba sa sayar da na hannu, ba sa ba da haya. Koken mai kamfanin shi ne kuɗin talla na tafiya kullum, ciniki kuwa yana nan inda yake. Kamfen ɗin bincike guda ɗaya suke da shi, yawancin kalmomin da ke cikinsa an sa su a `Broad match`, wato Google ya nuna tallan ga duk binciken da ya ga yana da alaƙa da kalmar, tsarin tayin kuɗin dannawa kuma `Maximize clicks` ne.

Ban taɓa komai ba tukuna. Na buɗe rahoton `Search terms` da ke ƙarƙashin `Insights and reports`, domin a nan ne kaɗai ake ganin bambanci tsakanin abubuwa biyu da mutane ke yawan haɗawa. Akwai kalmar talla, wadda mu muka zaɓa muka sa a kamfen, kamar `office chair`. Akwai kuma abin da mai bincike ya rubuta da hannunsa kafin tallanmu ya fito masa. Shafin kalmomin talla yana cewa `office chair` ta ci kaza, ta kawo kaza. Rahoton nan shi ke nuna cewa a ƙarƙashin wannan kalma ɗaya akwai ɗaruruwan tambayoyi daban-daban, wasu na mai son saye, wasu na wanda kujerarsa ta karye yana neman yadda zai ɗaure ta.

Gyara biyu na yi wa rahoton kafin in fara karantawa. Na ƙara ginshiƙin `Keyword`, wanda ba ya fitowa sai an kira shi daga `Columns`, don in san wace kalmar tallarmu ce ta jawo kowane bincike. Sannan na zaɓi wata uku, amma na tsayar da lissafin a 15 ga Fabrairu maimakon jiya. Dalili shi ne Google yana rubuta ciniki a ranar da aka danna tallan, ba ranar da aka biya kuɗi ba. Kujerar ofis ba abin da ake saya a tsaye ba ne. Mutum ya duba yau, ya tuntuɓi wani, ya dawo bayan mako guda. Duk wanda ya karanta makonni biyun ƙarshe zai ga kuɗi ya fita babu ciniki, ya yanke wa kalmomin da ba su da laifi hukunci.

Jimillar lokacin: dannawa kusan 6,000, ciniki kusan 120. Wato cikin kowace dannawa 100, biyu ne ke zama ciniki. Wannan kashi 2 cikin 100 shi ne sikelin da zan auna duk sauran da shi.

A can ƙasan rahoton akwai layin `Other search terms`, kuma ya ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin. Tun Satumba 2020 Google ya daina nuna binciken da mutane kaɗan ne suka yi shi, ya ce don kare sirrin masu bincike. Kuɗin ana caje shi, amma abin da aka rubuta ba a nunawa. Saboda haka duk abin da zan faɗa daga nan game da kashi 70 ɗin da ake gani ne.

Talata, 4 ga Maris

Na sauke rahoton zuwa Google Sheets. Layi sama da 2,500. Na jera shi daga mafi cin kuɗi zuwa ƙasa, na karanta na sama ɗaya bayan ɗaya.

Na saman nan lafiya lau suke: `office chair`, `ergonomic office chair`, `buy office chair online` da makamantansu. Su ne suka fi tsada, su ne kuma ke kawo ciniki. Wanda ya duba layi ashirin na farko ya rufe zai rantse asusun nan ba shi da matsala. Ɓarnar tana ƙasa, cikin layukan da kowannensu dannawa ɗaya ko biyu ce, kuma su ne mafi yawan rahoton. Babu ɗaya daga cikinsu da zai ɗauki hankalin mutum shi kaɗai.

Mai kamfanin ya kira da yamma. Shawararsa ita ce a tace duk layin da ya ci kuɗi bai kawo ciniki ba, a toshe su gaba ɗaya. Na ce masa, Alhaji, in muka yi haka za mu toshe kusan duka rahoton, har da masu sayen da ba su riga sun saya ba. Na yi masa lissafin. Idan kashi 2 cikin 100 ne ke saye, to damar a danna sau da yawa ba tare da ciniki ko ɗaya ba ita ce:

```
=0.98^30    0.55
=0.98^100   0.13
=0.98^150   0.05
```

Ma'ana, bincike mai kyau, wanda bai fi sauran ba kuma bai gaza su ba, in aka danna shi sau 30, ya fi yiwuwa a ga sifili a gabansa fiye da a ga ciniki. Ko a dannawa 100, kusan ɗaya cikin takwas na masu kyau zai nuna sifili. Sai an kai wajen 150 kafin sifilin ya fara zama hujja. Layuka nawa ne a rahoton suka kai 150? 'Yan ƙalilan ne, kuma duk suna kawo ciniki.

Daga nan na raba aikin gida biyu, kuma a kan wannan rabon duk sauran zai tafi. Akwai binciken da ido ke yanke wa hukunci, ba a bukatar jiran lambobi: wanda ya rubuta `office chair mechanic jobs` aiki yake nema, ko sau ɗaya ya danna ya isa. Akwai kuma wanda ido ba zai iya ba, kamar `cheap office chair`, wanda zai iya zama mai saye, zai iya zama wanda farashinmu zai kora. Irin wannan sai lambobi, su kuma lambobi ba sa magana a layi ɗaya. Sai an tara duk layukan da kalma guda ta fito a cikinsu.

Alhamis, 6 ga Maris

Tara kalmomi. Na buɗe sabon shafi, na rubuta kalmomin da na ga suna maimaituwa yayin karatu, na sa kowace ta tattaro dannawa, kuɗi da cinikin duk layin da take ciki.

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. In aka nemi `*used*` kai tsaye, zai kwaso har da `unused` da `focused`. In aka nemi `*wheel*`, zai haɗa `wheels` da `wheelchair`, alhali mai neman tayar kujera da mai neman keken marasa lafiya ba abin da ya haɗa su. Maganinsa a yi ginshiƙi na taimako da ke sa fili a gaba da bayan kowane bincike, sannan a nemi kalmar da filayenta:

```
H2:  =" "&LOWER(A2)&" "
=SUMIF(H:H,"* used *",D:D)
```

A nan `A` shi ne ginshiƙin binciken, `D` kuma shi ne ginshiƙin dannawa. A canja shi zuwa na kuɗi ko na ciniki don samun sauran.

Da aka tara, hoton ya fito. Kalmomin gyara, wato `repair`, `fix`, `broken` da `sinking`, sun bazu a layi sama da 200, dannawa kusan 340, ciniki babu ko ɗaya. Babu layi guda a cikinsu da ya wuce dannawa goma, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura. A sikelinmu da an sa ran ciniki shida ko bakwai daga dannawa 340. Sifili a nan ba rashin sa'a ba ne. Masu neman na hannu, `used` da `second hand`, sun danna kusan sau 190, ciniki ɗaya. Sai ƙananan tarkace: masu neman aiki, masu neman hoton kujera don zane, masu neman keken marasa lafiya. In aka haɗa su duka, sun kai kusan kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ake gani.

Ginshiƙin `Keyword` ya nuna ta inda suke shigowa. Kusan duka ta kalmomi biyu ne, `office chair` da `desk chair`, dukansu `Broad match`. Kuma ina ganin tsarin tayin yana da hannu. `Maximize clicks` an umarce shi ne ya samo dannawa mafi yawa da kuɗin da aka ba shi, bai san ciniki ba. Binciken gyara da na neman aiki sukan fi araha saboda masu sayar da kaya ba sa rububinsu. To na'urar da aka ce ta nemo mai araha, ina za ta nufa? Zan dawo kan wannan, amma ba yanzu ba. In na canja tayi da toshewa lokaci guda, ba zan san wanne ya yi aiki ba.

Ita kuwa `cheap`, wadda mai kamfanin ya fi tsana, ta danna kusan 260, ciniki biyar. Daidai da matsakaicin asusun. Ta tsira. Mutane da yawa suna rubuta ta ne don al'adar bincike, in sun ga abin da ya yi musu sai su biya.

`gaming` ce ta tsaya a tsakiya: dannawa kusan 300, ciniki uku, inda da an sa ran shida. Rabin matsakaici ke nan, amma uku da shida ba su yi nisan da za a rantse a kai ba; ko kalma mai kyau takan faɗi haka lokaci-lokaci. Na ajiye ta gefe.

Litinin, 10 ga Maris

Ranar toshewa. A nan ne aka fi yin aikin banza, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Cikin rahoton ana iya zaɓar layi a danna `Add as negative keyword`. Sauƙi gare shi, amma Google yana cike akwatin da dukan binciken a matsayin `Exact match`, wato zai toshe wannan jimlar kaɗai, kalma da kalma. In na toshe `how to fix office chair sinking` haka, gobe wani ya rubuta `fix sinking desk chair`, tallanmu ya sake fitowa. Mutum zai iya shafe shekara yana toshe layi ɗaya-ɗaya, kamar mai kwasar ruwa da kwando. Kuma ka tuna da kashi 30 ɗin nan da ba a gani. Layin da ba ka gani ba ba za ka iya danna shi ka toshe ba, amma in ka toshe kalmar `repair` ita kanta, ta toshu a ɓoye kamar yadda ta toshu a fili. Wannan ita ce hanya ɗaya da aikin rahoton ke kaiwa ga ɓangaren da aka rufe.

Kalmomin toshewa iri uku ne, kuma ba sa aiki kamar kalmomin talla:

```
repair            duk binciken da kalmar ta fito
"second hand"     kalmomin biyu a jere, a wannan tsari
[chair]           sai in binciken shi ke nan kaɗai
```

Irin na farko, in kalmomi biyu ne ko fiye, yana toshewa ne idan dukansu sun fito a binciken, ko da ba a jere ba. Babban abin lura shi ne kalmar toshewa ba ta faɗaɗa kanta. Kalmar talla, ko da `Exact match` ce, Google yana miƙa ta zuwa jam'i da tilo da ma abin da ya ga ma'anarsu ɗaya. Na jam'i da tilo ya daɗe, na ma'ana ɗaya kuwa tun 2018 yake haka, kuma rahoton yana nuna su da alamar `close variant` a ginshiƙin `Match type`. Ta toshewa kuwa a tsaye take. `repair` ba ta toshe `repairs`, ba ta toshe `repairing`. Dole a rubuta kowace. Sauƙin da aka samu shi ne tun 2024 kuskuren rubutu yana shiga ƙarƙashin kalmar da aka toshe, ba sai an bi kowace gurguwar haruffa ba. Jam'i da kalmomi masu ma'ana ɗaya dai har yanzu aikin hannu ne.

Kafin in sa kowace kalma, sai na tace rahoton da ita in karanta duk layin da za ta kashe, musamman waɗanda suka taɓa kawo ciniki. Wannan dubawar ce ta ceci `fix`. Ita kanta lafiya, amma da na ƙara `fixed` cikin 'yan uwanta da na kashe `office chair fixed arms`, wanda mai saye ne yake bayyana irin hannun kujerar da yake so. `fix` da `fixing` sun shiga, `fixed` ba ta shiga ba. Haka `wheelchair` ta shiga, `wheels` ba ta shiga ba.

Ban zuba su cikin kamfen kai tsaye ba. Na yi jerin toshewa guda biyu a `Shared library`, ɗaya na abin da kamfanin ba ya yi, ɗaya na waɗanda ba masu saye ba ne ko kaɗan, na haɗa su da kamfen ɗin. In an buɗe wani kamfen gobe, sai a jona masa su. Kuma duk wanda ya gaje ni zai san dalilin kowace kalma daga sunan jerin da take ciki.

Talata, 11 ga Maris

Da nake duba tsofaffin kalmomin toshewa da na tarar, na ga `free` ita kaɗai, an sa ta tun daɗewa. Niyyar a fili take, a kori masu neman kyauta. Sai dai kamfanin nan yana kai kaya kyauta, har yana alfahari da hakan a shafinsa na farko. Duk tsawon lokacin nan, wanda ya rubuta `office chair free delivery` bai taɓa ganin tallansu ba.

Rahoton ba zai taɓa nuna wannan ba, domin yana lissafa binciken da tallan ya fito ne kawai. Abin da aka toshe ba ya barin sawu. Google yakan yi gargaɗi a `Recommendations` idan kalmar toshewa ta ci karo da kalmar tallar da ke cikin asusun, amma a nan babu kalmar talla mai `free`, don haka shiru. Na cire ta, na maye gurbinta da `"for free"` da `"free office chair"`.

Litinin, 17 ga Maris

Ɗaya ɓangaren aikin: sababbin kalmomi. Wannan karon na juya teburin tarawar, na jera shi da yawan ciniki a kan dannawa.

`back pain` da 'yan uwanta, `lower back` da `bad back`, sun danna kusan 120, ciniki bakwai. Kusan ninki uku na matsakaici. Bakwai ba adadi ne mai yawa ba, kuma ƙa'idar da na kafa wa mai kamfanin a kan sifili ta hau kaina a nan: ƙaramin adadi yana ruɗi ta sama kamar yadda yake ruɗi ta ƙasa. Amma a nan lambobi da hankali sun yi daidai. Wanda bayansa ke ciwo yana da dalilin sayen kujera yau, ba wata mai zuwa ba. Kuma sun sayi nan ne duk da cewa tallan da suka gani bai ambaci baya ba, shafin da suka sauka kuma jerin dukan kujeru ne.

Wannan shi ne abin da nake dubawa kafin in ƙara kalma. Danna `Add as keyword` kawai ba ya ƙara ciniki. Binciken nan da ma yana shigowa ta `Broad match`. In na mai da shi kalmar talla a rukunin tallan da yake, wato ɓangaren kamfen da ke haɗa kalmomi da tallansu, da talla iri ɗaya da shafi iri ɗaya, suna kawai na canja masa a rahoto. Ƙara kalma tana da amfani ne idan za a yi mata wani abu na daban. Don haka na buɗe sabon rukunin talla, na sa masa kalmomi kaɗan:

```
"office chair for back pain"
"office chair lumbar support"
[best office chair for back pain]
```

Kanun tallan yana maganar madogarar baya da ake iya ɗagawa da saukewa, kuma yana kai mutum shafin kujerun da ke da ita kaɗai. Mai kamfanin ya so a rubuta cewa kujerar tana maganin ciwon baya. Na ƙi. Kujera ba magani ba ce, kuma alƙawarin warkarwa yana iya sa a ƙi amincewa da tallan. Mun faɗi abin da kujerar ke da shi, muka tsaya.

Sai batun wane rukuni zai amsa. Idan abin da aka rubuta ya yi daidai da kalmar `Exact match` harafi da harafi, Google yana fifita ta. Amma binciken da ya ɗan bambanta yana iya komawa tsohon rukunin ta hanyar `office chair`, ya sake ganin tsohon tallan. Don hana haka na sa `"back pain"` da `lumbar` a matsayin toshewa a tsohon rukunin kaɗai, ba a kamfen ba. In da a kamfen na sa, da na kashe sabon rukunin da hannuna.

Akwai dogayen bincike masu ban sha'awa da suka kawo ciniki ɗaya-ɗaya, jimla mai kalma takwas ko tara. Ban ɗauke su yadda suke ba. Kalmar da kusan ba wanda ke nema Google yana sa mata `Low search volume`, ta zauna ba ta aiki. Gaɓar da ke maimaituwa a cikinsu ita ce abin ɗauka. Ta haka na ga `tall` da `heavy duty` suna ta dawowa. Na tambaya, aka ce akwai kujeru uku masu ɗaukar nauyi sosai, amma ba su da shafin kansu. Sai an gina shafin kafin in buɗe musu rukuni.

`gaming` ma na ware mata nata rukunin, da kujeru biyun da suka fi kama da abin da masu wasa ke so. Ko ta gyaru da tallan da ya dace da ita, ko ta nuna halinta a fili inda zan iya aunawa.

Wani abu da ba na talla ba: masu neman `office chair wheels` da `gas lift replacement` suna da yawa. Kamfanin ba ya sayar da kayan gyara. Na tura wa mai kamfanin jerin, domin shawarar ko za su fara tasa ce. Na toshe `replacement` kafin nan. `wheels` na bar ta, saboda rabin masu rubuta ta kujera mai taya suke nema.

Litinin, 24 ga Maris

Duba na mako. Na tace rahoton daga 11 ga Maris zuwa yau, ina kallon abin da aka rubuta kawai, ban kula da ginshiƙin ciniki ba tunda bai nuna ba tukuna.

Kalmomin gyara sun ɓace, sai `reupholster` da `refurbished`, waɗanda ban gani a da ba ko kuma suna cikin ɓoyayyen ɓangaren. Sai kuma `rental` da `hire`. An ƙara su. Haka abin yake da `Broad match`: kuɗin da aka hana shi kashewa a wuri ɗaya sai ya nemi wani wurin, wani lokaci mai kyau, wani lokaci sabon tarkace. `free delivery` ta fara fitowa.

Litinin, 14 ga Afrilu

Yanzu akwai abin kwatantawa. Na ɗauki 11 zuwa 31 ga Maris, na bar makonni biyun Afrilu don cinikin da ke tafe ya iso.

Kuɗin da ake kashewa a rana bai ragu ba. Na riga na gaya wa mai kamfanin haka tun farko, amma duk da haka ya tambaya: Malam, ina kashi 15 ɗin da ka ce ana ɓarnatarwa? Amsar ita ce kamfen ɗin da ma yana cinye kasafinsa kullum, `Limited by budget` ke rubuce a gabansa, kuma `Maximize clicks` zai kashe duk abin da aka ba shi. Toshewa ba ta mayar da kuɗi aljihu. Tana canja inda yake zuwa ne. In yana son ya ga ragi a kuɗi, sai ya rage kasafin da kansa.

Abin da ya canja shi ne kuɗin dannawa ɗaya ya ɗan hau, yawan dannawa ya ɗan sauka. Wanda ke kallon waɗannan biyun kaɗai zai ce na ɓata asusun. Amma dannawar da muka cire su ne masu araha, don haka dole matsakaicin ya hau. Ciniki kuwa ya tashi daga biyu cikin 100 zuwa kusan biyu da rabi. Mako uku ba su isa a kafa hujja da wannan ba, ciniki talatin da 'yan kai ne kawai, sai dai ya tafi ta inda lissafi ya ce zai tafi: in ka cire kashi 15 da ba ya saye ka bar sauran, abin da za ka samu ke nan, ba ninki biyu ba.

Rukunin ciwon baya yana samun dannawa fiye da da, kuma har yanzu yana sama da matsakaici, ko da yake bai kai ninki ukun da aka gani da farko ba. Ban yi mamaki ba. Duk kalmar da aka zaɓa saboda ta yi fice a wani lokaci, akwai sa'a cikin ficen nata, kuma sa'ar ba ta biyo ta zuwa wata na gaba. `gaming` ta ƙara dannawa kusan 80 babu ciniki. In aka haɗa da na baya, uku cikin 380, kuma wannan karon da tallanta da shafinta. Na ba ta zuwa ƙarshen Afrilu; in ba ta motsa ba zan dakatar da rukunin in sa kalmar a jerin toshewa.

Kason `Other search terms` yana nan wajen kashi 30, amma layin yana nuna jimillar cinikinsa, kuma shi ma ya ɗan gyaru. Alama ce cewa toshe kalma ɗaya-ɗaya ta kai can ciki.

Shafin kujeru masu ɗaukar nauyi zai kammala ranar Alhamis, sai in buɗe rukuninsa. Ranar Litinin mai zuwa zan sauya tayin daga `Maximize clicks` zuwa `Maximize conversions`, wanda ciniki yake nema ba dannawa ba, in bar kasafin yadda yake, kuma a makonni biyun farko ba zan taɓa kalmomin talla ba, sai toshe abin da ido ya gani ƙarara cewa ba namu ba ne.